Shida Cikin Goma

Ranar Alhamis da hantsi saƙon ya shigo wayata, ina tsaye a bayan kanta a kemis ɗin da nake aiki, ina jera kwalayen magani. Lambar ban san ta ba, kuma ko sallama babu. Hoto ɗaya ne kawai, wanda aka ɗauko daga allon wayar wani.

Na buɗe, sai na ga kaina. Ni ce zaune a kujerar falonmu, baki a buɗe da loma a ciki, hanci ya cika rabin fuska, ƙasan idanuna baƙi ƙirin kamar na yi sati ban runtsa ba. A ƙarƙashin hoton an rubuta, "Jama'a, nawa cikin goma?" An yanke saman, ba a ganin sunan wanda ya saka.

Guruf ne na hira a waya, na tsofaffin ɗaliban wata makaranta, maza zalla. Na farko ya ce uku. Na biyu ya ce huɗu, ya bi da dariya. Wani ya ce uku da rabi saboda ɗankunne. Can ƙasa kuma na ga lambar da ko cikin barci aka tashe ni zan karanto ta, lambar Malam, malamin lissafin da iyayensa za su zo gidanmu jibi Asabar neman aurena. Ya rubuta, "Shida."

Na zauna a kan kwalin ruwan gishiri. Shekara biyu mutumin nan yana ce min bai taɓa ganin kamata ba, ashe a cikin abokansa cin jarrabawa kawai na yi da kyar.

Ban gama share hawaye ba Yaya ya kira ni.

"Auta, ki nemi izini ki taho gida yanzu, Baba na nemanki."

"Lafiya, Yaya?"

"Kin fi ni sanin ko lafiya."

A cikin mota na fara lissafi. Saƙon bai yi rabin awa a hannuna ba, ta yaya har ya isa wajen Yaya, har ya isa wajen Baba? Kuma dama Yaya bai taɓa son Malam ba. Yana da aboki ɗan kwangila mai mota biyu, wanda tun bara yake zarya a gidanmu da ledojin tsaraba, nake gaishe shi daga nesa ina wucewa.

Na tarar da su a falo. Baba na kan kujerarsa da tabarau a karan hanci, wayar Yaya a hannunsa. Umma na zaune a ƙasa kan darduma, ta haɗa tagumi. Yaya kuwa sai kai komo yake kamar shi aka yi wa.

"Kin gani?" Baba ya tambaye ni.

"Na gani, Baba."

"Wannan lambar tasa ce?"

Na sunkuyar da kai. "Tasa ce."

"To shi ke nan," in ji Yaya. "Mutumin da tun kafin a ba shi ya kai ta kasuwa ana taya ta, in ya samu fa? Ga wanda yake ganin darajarta yana bin mu da girma da arziki, mun tsaya wajen mai alli."

"Yaya, kai wa ya turo maka?"

"Ina ruwanki da wanda ya turo? Ƙarya aka yi masa?"

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

"Ni ban haifi 'yar da za a sa wa farashi ba. Bayan magariba zan kira kawunsa in ce kada su wahalar da kansu ranar Asabar. In kina da abin cewa, ki kawo min kafin nan."

Na dubi Umma ko za ta sa baki. Ba ta ko ɗago ba, sai murza gefen darduma take. Abin ya ƙara ɓata min rai, don ita ma na san zuciyarta tana wajen mai ledoji.

Da raina ya ɓaci wuri ɗaya nake zuwa, shagon Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta fi shekara ashirin tana ɗaukar hoto. Ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, na gaba da benci da madubi, na ciki da farin labule da fitilu masu lema. Na samu tana tare da wata budurwa da ta miƙa mata waya tana cewa, "Don Allah Hajiya ki faɗa min gaskiya, nawa za ki ba ni cikin goma?"

Na tsaya a bakin ƙofa ina saurare.

Gwaggo ta karɓi wayar. "Na mene ne hoton?"

"Na neman aiki ne. Banki."

"To ai kin ga da na ce bakwai, da kin tafi gida kina tunanin ina ukun suka maƙale, ba ki san abin da za ki gyara ba. Zo ki gani. Murmushin nan ya yi, har idonki ya kai, kada ki canza shi. Amma kin ɗauka a mota, bel ɗin kujera ya raba ki biyu. Kin kuma sa abin nan mai goge fuska, ya share miki har layin hanci, in kin shiga ofishinsu sai sun tambaye ki ina mai hoton. Sai gyalen, launinsa ɗaya da kujera, kafaɗarki ta ɓace. Ki dawo gobe da mai duhu, minti biyar ne."

Budurwar ta fita tana murmushi. Ni kuwa ina zama sai kuka, na miƙa wa Gwaggo wayata.

Ta daɗe tana kallo. Ta buɗe hoton da yatsu biyu, ta kai shi sama, ta kai shi ƙasa.

"Gwaggo, haka nake?"

"Haka kike a cikin ƙiftawar ido ɗaya, ta wayar da aka kusa cusa miki a hanci. Tashi."

Ta zaunar da ni a ƙarƙashin doguwar fitilar da ke manne a silin, taga a bayana. Ta durƙusa a gabana da wayarta, kusa sosai, ta ce in yi magana, ta danna. Daga nan ta juya kujerar na fuskanci taga, ta kashe fitilar, ta ja da baya taku huɗu, ta ɗaga wayar daidai idona, ta jawo fuskata kusa da zum ɗin kyamarar. Ta ce in tuna ranar da Yaya ya faɗa kwata da sabbin kaya. Duk da kukan sai da na yi dariya, ta danna.

Ta jera min su biyun. Na farko dodon nan ne na guruf, har ya fi shi. Na biyu kuwa sai da na sake dubawa.

"Duk ke ce, minti uku tsakani, ko hoda ba ki ƙara ba," in ji Gwaggo. "Idan waya ta matso, abin da ya fi kusa da ita shi ke kumbura, shi ya sa hanci ke girma kunnuwa su gudu baya. Idan daga ƙasa aka ɗauka, haɓa ce da ƙofofin hanci za su yi sallama. Fitilar sama tana zuba inuwa a ramin ido. Taga a bayanki kuma, wayar hasken tagar take aunawa, sai ta bar fuskarki a duhu. Ga loma a baki. Duk wanda aka tsayar yana tsakiyar tauna, ko sarauniyar kyau ce, sai ya zama abin dariya. To a cikin biyun nan wanne za a ba maki a ce ke aka ba?"

Ta koma kan saƙonnin guruf ɗin.

"Kuma dubi yadda suka bi juna. Na farko ya ce uku, sauran duk suka kewaye uku. Da ya ce takwas, da a nan za su yi ta yawo. Wani doguwa yake so, wani gajera, wani fuskar da ta yi kama da ta uwarsa, kowa da ma'auninsa a aljihu, amma sai su fito da lamba kamar awo suka yi a sikeli. Muryarki ba ta ciki, tafiyarki ba ta ciki, yadda kike lallaɓa tsofaffi a kemis ba ya ciki."

"Amma Malam ya san duk wannan, Gwaggo. Shi ya san ni, ya ce shida."

"Wannan kuma ba aikin kyamara ba ne, ba zan wanke shi ba. Ki je ki tambaye shi ido da ido." Ta sake buɗe hoton. "Abin da ni zan iya faɗa miki shi ne, ba shi ya ɗauka ba. Ya taɓa ganinki ba mayafi kina cin abinci a falo?"

"A'a. A ƙofar gida muke tsayawa."

"To wanda ya ɗauka yana zaune a ƙasa ne, dab da gwiwarki, kuma ba kya jin kunyarsa, don ko kafaɗa ba ki gyara ba. Na gida ne."

Nan take na ga Yaya a idona, kwance a kan kafet yana danna waya kamar yadda ya saba kullum bayan cin abinci.

Ƙarfe biyu da rabi na isa makarantar su Malam. An tashi, ɗakin malamai ba kowa sai shi, da tulin littattafai a gabansa da jan biro. Yana ganina ya miƙe da fara'a, yana ganin idona fara'ar ta tafi.

Na ajiye wayar a kan littattafan. Ya duba, ya koma ya zauna a hankali.

"Wa ya turo miki?"

"Tambayar da ni ma nake yi tun safe ke nan. Kai ka rubuta ko ba kai ba?"

"Ni ne."

Da ya musa, da na samu abin riƙewa. Da ya amsa sai hawayen suka ɓalle.

"Shida, Malam? Na gode da ka tsallakar da ni. Ina huɗun suka tafi? A hanci ka cire ko a baki? Faɗa min in san abin da zan je in sake, tunda kai ne mai jan biro."

"Auta, ki saurare ni."

"Tun safe nake kallon madubi, fuskar da na yi shekara ashirin da huɗu da ita lafiya, yau ina neman inda aka rage min."

Ya dafe kai. Ya ce, "Shekaranjiya ne, ina tsakiyar duba aikin yara. Na buɗe waya na gan ki. Na ga uku, na ga huɗu. Ba wanda ya san ke ce tawa, ban taɓa kai maganarki can ba. Na ce in na rubuta goma za su taso min, su tono ko wace ce, hoton ya ƙara yawo. In na yi shiru kuma na bar ki a uku. Sai hannuna ya yi abin da ya saba, na ɗaga makin. Wallahi a lokacin gani nake kare ki nake yi."

"Da shida."

"Da shida. Sai da na ajiye wayar na ga abin da na yi. Na yarda a auna ki, gardamar farashi kawai na yi."

"Me ya hana ka ce matar da zan aura ce, ku cire?"

"Tsoro. Ba ni da wata amsa."

Na jawo littafi ɗaya daga tulin don kada in kalle shi. Na wata yarinya ne, ta ci huɗu. A ƙasan makin ya cika rabin shafi da jan biro: hanyar da ta bi daidai ce, a layi na uku ta manta alamar ragi, ta sake gwada lamba ta biyar ta kawo masa gobe.

"Dubi nan," na ce. "'Yar mutane ba ka bar ta da lamba tsirara ba. Ka faɗa mata abin da ta iya, ka nuna mata inda za ta gyara. Ni ce ban kai a yi min haka ba?"

"Ita akwai amsar da nake auna aikinta da ita. Ke babu wata amsa a bayan littafi da zan ce kin kai ko ba ki kai ba. Abin da ya kamata in ce shi ne an ɗauki hoto ba da sanin mai shi ba, kuma an ɗauka da mugunta ko da rashin iyawa."

"To ka ce."

Ya dube ni, ya ɗauki wayarsa. A gabana ya rubuta, ina karantawa ta kan kafaɗarsa. Ya ce wadda ke cikin hoton nan ita zai aura in Allah ya yarda, ya yi kuskure da ya sa lamba kuma ya janye, yana roƙon a goge hoton, wanda ya saka kuma ya faɗi inda ya samo shi. Ya tura.

"Kai sama," na ce. "Nuna min wanda ya saka."

Ya ja allon. Wurin da aka yanke a nawa ya fito, da suna da ƙaramin hoto a gefe, mutum jingine da farar mota.

"Ajinmu ɗaya da shi a sakandare," in ji Malam. "Kin san shi?"

Na san shi mana. Ledojinsa ma suna nan a kicin ɗinmu.

"Bai san ni ne nake nemanki ba ai," ya ce, sai kuma ya tsaya. "Ko ya sani?"

"Yaya ya faɗa masa sunanka tun bara, a gabana."

Na ɗauki hoton allon da wayata na juya. Ya biyo ni har bakin ƙofa.

"Auta, Asabar fa?"

"Ban sani ba. Kuma kada ka ɗauka na huce."

Ana idar da magariba na shiga falo. Baba ya riga ya fito da lambar kawun Malam, Umma na kan dardumarta, Yaya na jingine da bango. Na durƙusa na miƙa wa Baba wayata, na nuna masa hotuna biyun Gwaggo, na nuna masa abin da Malam ya rubuta, sannan na nuna masa sunan da aka yanke.

Baba ya gyara tabarau. Ya juya wajen Yaya.

"Abokinka ne wannan?"

Yaya ya leƙa, fuskarsa ta canza. "Shi ya turo min da safe. Ce min ya yi wani ne ya saka, shi ma gani ya yi."

"Shi ya saka, ya jira Malam ya taka, ya yanke sunansa, ya turo mana," na ce. "Saura abu ɗaya, Yaya. A falon nan aka ɗauki hoton, daga ƙasa, dab da ni. Ina ƙanwarka, ina cin abinci ba mayafi, ka ɗauke ni ka ba namiji?"

"Ni? Wallahi ban ɗauke ki ba."

"To wa ke kwanciya a nan da waya in ba kai ba?"

"Na rantse miki da Allah, Auta."

"Ba da wayarka a duba," in ji Baba.

Yaya ya sa hannu a aljihu. Kafin ya fito da ita, wata murya ta fito daga ƙasa, ƙarama, kamar ba ta Umma ba.

"Ku ƙyale shi. Ni na ɗauka."

Duk muka juya muka dubi Umma.

"Abokin Yayanki ya ce min mahaifiyarsa ke son ganinki. Na san in na tambaye ki ba za ki yarda ba. Ran nan kina cin abinci kina ba ni labarin wata tsohuwa a kemis, kina dariya, sai na ɗaga wayar na danna yadda na iya." Hawaye suka gangaro mata. "Sau uku na ɗauka, na zauna na zaɓi wanda ya fi kyau."

"Umma, wannan ne ya fi kyau?"

"Ni da na duba ban ga hanci ba, ban ga duhun ido ba. Na ga 'yata tana ci tana dariya, na ce duk uwar da ta ga wannan sai ta so ta. Yau da safe na ga wai uku. Tun ɗazu nake kallonsa ina neman abin da suka gani, na rasa."

Na zuba mata ido. Ina jin haushinta, don ta yi min abu a bayan idona, kuma ina jin kamar in faɗa jikinta.

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Kai," ya ce wa Yaya, "ka faɗa wa abokinka kada in sake ganin motarsa a layin nan. Shi kuma malamin ya yi wauta, amma ya amsa da bakinsa a gaban waɗanda ya ji tsoro." Ya dube ni. "Ke za ki zauna da shi. In kira kawunsa ko in bari?"

Na tuna shidan, har yanzu tana min zafi. Na tuna yadda ya rubuta a gabana ya tura.

"Ka bari su zo, Baba. Sauran ni da shi ne."

Baba ya kife wayarsa a hannun kujera ya tashi. Yaya ya bi bayansa ba tare da ya kalle ni ba.

Na matsa na zauna a gefen darduma. Wayar Umma na kan cinyarta, hoton a buɗe, da bakina da lomata.

"Umma, ki goge shi."

Ta janye wayar ta rufe ta da tafin hannu.

"Ki yafe min na ba shi da na yi. Amma ba zan goge ba, ni ina son abina."